Yadda Ake Gane Rangwame na Gaskiya Ta Hanyar Bin Diddigin Farashin Baya

Idan watan Nuwamba ya kama a Legas, shagunan intanet irin su Jumia da Konga, da ma manyan kantunan Ikeja da Lekki, sukan cika da tallan garaɓasar Black Friday, kuma duk da cewa asalin abin rana ɗaya ce a ƙarshen wata, a nan ana jan sa har makonni. Haka ake sake gani gab da Kirsimeti da kuma lokacin azumi da sallah. A kowane irin wannan talla mai saye yana ganin lambobi uku: farashin da aka soke da layi, sabon farashi da aka rubuta da manyan baƙaƙe, sai kuma kason da aka ce an rage. A cikin ukun nan ɗaya ce kawai tabbas, wato sabon farashin, domin shi za ka biya. Wanda aka soke da layi magana ce ta mai sayarwa, kuma tunda daga gare shi aka lissafa kason ragin, idan an kumbura shi to kason ma ya kumbura. Aikin mai saye shi ne ya nemo da kansa nawa aka sayar da wannan kayan a makonnin da suka gabata, ya auna sabon farashin da abin da ya gano.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah a Agege tana sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, tana neman firiza mai buɗewa ta sama, mai cin lita 200. Ta ga talla an soke naira 520,000, an rubuta naira 364,000, an ce ragin kashi 30 cikin ɗari ne. Waɗannan alƙaluma na misali ne, na ɗauko su domin a ga yadda lissafin yake tafiya. Idan aka duba lissafin tallan babu kuskure a cikinsa, domin kashi 30 na 520,000 shi ne 156,000, kuma idan an cire shi 364,000 ce ta rage. Tambayar da ta rage ita ce ko akwai wanda ya taɓa biyan 520,000 a kan wannan firiza.

Mataki na farko: a tabbatar da ainihin kayan

Kafin a nemi tsohon farashi sai an san na wane kaya ake nema, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata bincikensu tun bai yi nisa ba. Sunan kamfani da hoto ba su isa ba. Kamfani ɗaya yana iya fitar da firiza uku masu kama da juna a ido, ɗaya lita 150, ɗaya lita 200, ɗaya kuma lita 200 amma mai injin da ke rage cin wuta, kuma tazarar kuɗinsu tana iya kaiwa dubbai masu yawa. Abin da ke raba su shi ne lambar samfuri, wato jerin haruffa da lambobi da ake bugawa a jikin kwali da kuma a wata 'yar takarda mai gam da ke manne a bayan firiza ko a gefenta, wadda a kanta ne ake rubuta yawan lita, da ƙarfin wutar da take ja, da irin iskar sanyin da aka zuba mata. A shagon intanet lambar tana cikin sunan kayan ko a ƙasa wurin da aka yi bayaninsa. A kwafe ta daidai, harafi da harafi, domin harafi ɗaya a ƙarshe yana iya nufin wani samfurin daban.

Bayan lambar sai a rubuta abu uku: sunan mai sayarwa, tsawon garanti, da halin da kayan yake, wato sabo ne a kwali, ko tokumbo, ko wanda aka gyara aka sake sa shi a kasuwa. Sunan mai sayarwa yana da muhimmanci domin Jumia da Konga kasuwanni ne da 'yan kasuwa da yawa suke baje kolinsu a ciki, kowa da farashinsa, kuma kaya ɗaya yana iya fitowa a shafuka biyu ko uku. Wanda ke neman waya sai ya ƙara da girman ma'ajiyarta, domin mai 128GB da mai 256GB suna da suna ɗaya da hoto ɗaya amma kuɗinsu daban, kuma dabara ce sananniya a soke farashin babbar a rubuta na ƙaramar a matsayin ragi.

Mataki na biyu: a fara rubuta farashi tun kafin garaɓasa

Wannan ita ce hanya mafi inganci, kuma a ganina duk sauran hanyoyin cike giɓi ne ga wanda ya makara. Wanda ya san zai sayi babban kaya a Nuwamba ya fara duba farashinsa tun farkon Oktoba, wato makonni shida zuwa takwas kafin lokacin, sau ɗaya a mako, a rana guda da ya zaɓa. Dalilin ɗaukar wannan tsawon lokaci shi ne mai niyyar kumbura farashi ba ya yin haka ranar da garaɓasa ta fara. Yakan ɗaga shi mako ɗaya ko biyu kafin nan, domin idan ya soke shi ya iya cewa ai haka yake a jiya. Wanda ya fara kallo kwana uku kafin garaɓasa ɗagaggen farashin kawai zai tarar, ya ɗauka shi ne na kullum.

Duk ranar dubawa a ɗauki hoton fuskar waya yadda sunan kayan da farashin da sunan mai sayarwa za su fito tare. Waya tana ajiye ranar da aka ɗauki hoton, amma ya fi sauƙi mutum ya tura hotunan zuwa lambarsa ta WhatsApp, domin a can za su jeru da kwanan wata a wuri ɗaya. Sannan a sa kayan a kwandon saye, a ci gaba har zuwa shafin ƙarshe kafin biya, a sa adireshin gida, a ga nawa ne kuɗin kawowa, a rubuta shi, a fita ba tare da an biya ba. Mutane sukan tsallake wannan, alhali a kaya mai nauyi irin firiza ko janareta kuɗin kawowa yana iya cinye rabin ragin.

Mu koma kan mai zoɓonmu. A ce ta yi wannan aikin, ga abin da ta samu a shafin mai sayarwa ɗaya. Ranar 3 ga Oktoba firizar tana 385,000, haka ma ranar 10. Ranar 17 ta sauko zuwa 379,000, ranar 24 ta koma 385,000. Ranar 31 ga wata ta tashi zuwa 410,000, sannan ranar 7 ga Nuwamba ta ga 520,000. Bayan 'yan kwanaki aka soke 520,000 ɗin aka rubuta 364,000. Ko ba a yi lissafi ba, jerin ya riga ya yi magana: firizar ta zauna wajen wata guda a kusa da 385,000, ta yi tsalle cikin mako biyu, kuma farashin da aka soke bai yi ko mako biyu a shafin ba.

Mataki na uku: idan an makara, a nemo farashin baya a wasu wurare

Yawancin mutane ba su da wannan jeri, sai dai su ga tallan yau su so su yanke shawara yau. Akwai abin yi, ko da yake ba zai kai ingancin rubutun da mutum ya yi da hannunsa ba.

Wuri na farko shi ne Wayback Machine, rumbun da ƙungiyar Internet Archive take ajiye tsofaffin shafukan intanet a ciki kyauta. A buɗe shafin kayan a manhajar shiga intanet, domin a can ne ake ganin adireshin shafin, a kwafe shi. Idan akwai alamar tambaya a cikin adireshin, a goge ta da duk abin da ya biyo bayanta, domin wannan wutsiyar yawanci ta bin sawun talla ce, kuma tana iya hana rumbun gane shafin. Sai a shiga nan:

```
web.archive.org
```

A liƙa adireshin a akwatin bincike. Idan an taɓa ajiye shafin, kalanda za ta fito da ɗigogi a kan ranakun da aka ajiye shi. A danna rana, a zaɓi lokaci, shafin zai buɗe kamar yadda yake a wannan ranar, kuma kwanan watan yana rubuce a sama. A duba ranaku biyu ko uku daga cikin wata biyun da suka wuce, a rubuta farashin kowace.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma gara a san ta tun farko. Shafukan kaya ɗai-ɗai da yawa ba a taɓa ajiye su ba, musamman na ƙananan 'yan kasuwa. Wani lokaci shafin yana buɗewa amma wurin farashi ya fito fanko. Idan haka ta faru a gwada adireshin shafin rukuni, wato shafin da aka jera dukkan firiza, domin irin waɗannan sun fi samun ajiya, sai a nemo lambar samfurin a cikin jerin. A wannan rumbun kuma akwai wurin da aka rubuta Save Page Now, inda mutum zai iya ajiye shafin yau da kansa, ya zama masa shaida mai kwanan wata wadda ba a wayarsa kaɗai take ba.

Wuri na biyu shi ne shafukan shagunan da kansu a Instagram da Facebook. 'Yan kasuwar kayan wuta a Legas suna yawan sa hoton kaya da farashinsa, kuma kowane saƙo yana da ranar da aka sa shi, don haka idan aka gangara baya wata ɗaya ko biyu ana iya tarar da wannan samfurin da kuɗinsa na lokacin. Haka nan tsofaffin hirarraki na WhatsApp: a rubuta sunan kayan a wurin bincike, sau da yawa za a tarar wani ya taɓa tambayar farashinsa a zauren 'yan unguwa ko na 'yan sana'a. Mafi ƙarfin shaida a wannan rukuni shi ne rasit na wanda ya saya kwanan nan, domin shi kuɗi ne da ya riga ya fita daga aljihu. Ana iya duba shafin tallan kaya na Jiji ma, amma da hattara, domin farashin da ke can na farkon ciniki ne, kuma sabo da tokumbo a gauraye suke.

Masu sayo kaya daga Amazon ta hannun kamfanonin jigila sun fi samun sauƙi, domin shafukan camelcamelcamel da Keepa suna nuna tarihin farashin kaya a zane, wata bayan wata. Waɗannan biyun domin kayan Amazon aka yi su, ba sa aiki a kan shagunan Nijeriya.

Mataki na huɗu: a tambayi kasuwa

Mazaunin Legas yana da wata dama da na wasu garuruwan ba su da ita, domin manyan kasuwannin da ake sarar waɗannan kaya suna kusa da shi. Kayan wuta na gida kasuwar Alaba da ke Ojo ce cibiyarsu, waya da kwamfuta kuma Computer Village da ke Ikeja. Ba dole sai an sha cunkoson hanyar Mile 2 zuwa Ojo ba. Wanda yake da ɗan'uwa ko sananne da ke harka a can, kiran waya ya isa. Sai dai yadda ake tambayar yana da tasiri a kan amsar. Idan aka ce, "Na ga wannan firiza 364,000 a intanet, ku nawa kuke sayarwa?" to an riga an ba ɗan kasuwa ma'auni, zai faɗi abin da ya ɗan gaza haka domin ya janyo ciniki. Abin da ya fi shi ne a ba shi lambar samfuri a ce, "Alhaji, don Allah wannan nawa take yau, kuma nawa kuka sayar da ita watan jiya? An ƙara mata kuɗi daga kamfani ne kwanan nan?" Tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Idan kamfani ya ɗaga farashin sari, duk kasuwa za ta sani, kuma za a ji magana ɗaya daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba. Idan kuwa kowa ya ce farashi yana nan inda yake tun watan jiya, to tsallen da aka gani a shafin intanet na mai shafin ne shi kaɗai.

A tuna cewa farashin da ɗan kasuwa ya fara faɗa ba shi ne na sallamawa ba. Abin da za a rubuta shi ne inda ciniki ya tsaya bayan tayi, a haɗa da kuɗin motar da za ta ɗauko kayan zuwa gida da na masu dako, a kuma tambaya ko da katin garanti na kamfani. A misalinmu, a ce an sallama a 372,000, motar kawowa Agege da dako sun ci 15,000, jimla 387,000.

Mataki na biyar: a zaɓi ma'auni, a yi lissafi

Yanzu da akwai farashi da yawa a hannu, da wanne za a auna? Akwai biyu da suka cancanta. Na farko shi ne farashin da kayan ya fi daɗewa a kansa, wanda a misalinmu 385,000 ne. Na biyu shi ne mafi ƙanƙantar farashin da aka gani a cikin kwana 30 kafin ragin, wato 379,000 na ranar 17 ga Oktoba. Wannan ma'auni na biyu ba ƙirƙirata ba ce: a ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga 2022, doka ta wajabta wa duk mai tallan ragi ya nuna mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a cikin aƙalla kwana 30 da suka gabata, kuma an yi dokar ne domin toshe wannan dabara ta ɗagawa a soke. Mai saye a Legas yana iya ɗaukar wannan ƙa'ida ya yi aiki da ita don kansa. Lissafin shi ne:

```
(tsohon farashi − sabon farashi) ÷ tsohon farashi × 100
```

Idan aka auna da 385,000, bambancin 21,000 ne, wato kusan kashi 5 da rabi cikin ɗari. Idan aka auna da 379,000, bambancin 15,000 ne, wato kusan kashi 4. Ke nan ragin da aka yi wa shela da kashi 30 bai wuce kashi 4 zuwa 5 da rabi ba.

Saura kuɗin kawowa. A ce a Oktoba ana kawo firizar Agege a kan 9,000, yanzu kuma shafin biya ya nuna 18,000. Kuɗin da za ta kashe har firiza ta shigo gida a da 394,000 ne, yanzu 382,000, saboda haka abin da ta tsira da shi 12,000 ne, kusan kashi 3 cikin ɗari. Idan aka kwatanta da 387,000 na Alaba, intanet ta fi sauƙi da 5,000 kacal. Hukuncin da zan yanke a nan shi ne akwai ragi, amma ƙarami ne. Idan dama tana da kuɗin a hannu kuma sana'arta tana jiran firizar, ta saya, babu asara. Amma bai kai ta karɓi bashi, ko ta ci adashen da ba nata ba tukuna, ko ta taɓa jarin zoɓo domin kada garaɓasa ta wuce ta ba, domin 156,000 da tallan ya ce za ta rasa idan ta yi jinkiri babu su tun asali.

Akwai wani abu game da kaso da ya kamata a zauna a fahimta, domin shi ne yake sa dabarar ta yi aiki. Ƙari da ragi ba daga tushe ɗaya ake lissafa su ba. Kayan naira 100,000 idan aka ƙara masa kashi 25 ya zama 125,000, idan kuma aka rage kashi 20 daga 125,000 sai ya dawo 100,000 cif, ga tallan ragin kashi 20 alhali ko kwabo ba a rage ba. Idan aka ƙara kashi 40 ya zama 140,000, aka rage kashi 30, zai tsaya a 98,000, wato ragin gaskiya kashi 2. Shi ya sa girman kason da aka rubuta ba ya nuna komai sai an san tushen da aka cire shi.

Inda tsohon farashi yake iya yaudarar mai bincike

A nan dole a yi adalci ga 'yan kasuwa, domin ba kowane tashin farashi ne maguɗi ba, kuma a Nijeriya tsohon farashi yana saurin lalacewa. Yawancin kayan wuta da wayoyi daga waje ake shigo da su, ko kuma da kayan haɗin da aka shigo da su ake harhaɗa su, don haka farashinsu yana bin dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta kai wajen naira 1,500. An kuma cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, abin da ya ɗaga kuɗin jigila, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya nemo farashin firiza na farkon 2023 ya auna da na yau zai ga kamar kowane ɗan kasuwa azzalumi ne, alhali ma'auninsa ne ya tsufa. Saboda wannan na taƙaita binciken ga makonni shida zuwa takwas. Farashin da ya haura wata uku ana iya kallonsa don sanin inda aka fito, amma kada a yi lissafin ragi da shi.

Yadda ake raba tashin gaskiya da na dabara shi ne a duba faɗinsa da siffarsa. Tashin da dala ko kamfani ya jawo yana taɓa kowa: shagunan intanet daban-daban, Alaba, manyan kantuna, duk suna motsawa a kusan lokaci ɗaya, da kusan kaso ɗaya, kuma farashin yana zama a sabon matsayinsa. Tashin dabara kuwa na mai sayarwa ɗaya ne, yana da tsayi fiye da kima, yana zuwa gab da garaɓasa, kuma ba ya daɗewa. A misalinmu daga 385,000 zuwa 520,000 ƙarin kashi 35 ne cikin mako biyu, alhali Alaba ba ta motsa ba. Da a ce mutanen Alaba ma sun ce kamfani ya ƙara kuɗi, ana sallamawa yanzu a 430,000, to hukuncin zai canja: 364,000 zai zama sauƙi na gaske, na kusan kashi 15 idan aka auna da kasuwar yau, ko da yake har a wannan halin 520,000 ba gaskiya ba ne.

Abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Idan naira ta ɗan farfaɗo, ko kamfanin waya ya fitar da sabon samfuri, farashin tsohon yana sauka a ko'ina da kansa. Mai shago yana iya soke farashin da aka fara sayar da wayar wata takwas da suka wuce, wanda ba ƙarya ya yi ba tunda an taɓa sayarwa a haka, ya kira saukar da kowa ya riga ya yi da sunan rangwamensa. Ana gane wannan da zarar an tambayi Computer Village aka ji farashin yau ya yi daidai da na garaɓasar.

Dubawa ta ƙarshe kafin a biya

Ko ragin ya tabbata, a sake komawa kan abin da aka rubuta a mataki na farko a kwatanta da abin da ke cikin kwandon saye, domin wani lokaci ba farashin ake taɓawa ba, kayan ake ragewa. A duba ko garantin da yake shekara biyu a Oktoba bai koma wata shida ba, ko janareta bai rasa batirinsa da tayoyinsa ba, ko waya tana nan da cajarta idan da ma da ita ake sayarwa. A kayan masarufi a duba nauyi: idan buhun da aka saba saye mai kilo 25 ne, na garaɓasa kuma kilo 20, sai a raba kowane farashi da yawan kilonsa a kwatanta kuɗin kilo ɗaya. A duba kuma ko ragin yana da sharaɗi, kamar biya da katin wani banki na musamman ko saye ta manhaja kaɗai, domin farashin da ya fito a shafin biya shi ne abin lissafi. Agogon da ke ƙirgawa a gefen talla yana cewa saura awa biyu bai kamata ya hana wannan dubawa ba. A ɗauki hotonsa, a dawo washegari, idan an tarar ya sake farawa daga farko to an ƙara sanin halin mai shagon.

Idan bayan an saya ne aka gano cewa farashin da aka soke ƙirƙira ce, hotunan da aka tara suna da amfani. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa a talla, kuma jihar Legas tana da tata hukumar, LASCOPA. A fara kai kuka ga shagon a rubuce, a haɗa lambar oda, da rasit, da hoton tallan, da hotunan farashin makonnin baya masu kwanan wata, a faɗi abin da ake nema a fili, ko mayar da kaya ko mayar da kuɗi. A yi hakan cikin kwanakin da shagon ya ware domin mayar da kaya, waɗanda suke rubuce a shafinsa, kuma kada a yar da kwali ko a ɓare takardar lambar samfuri kafin a gama magana. Idan shagon bai amsa ba, sai a miƙa waɗannan takardun ga ɗaya daga cikin hukumomin biyu tare da kwafin wasiƙar da aka aika masa.